Bagauda da Shekarar 999: Yadda Littafin Makaranta Ya Ke Gina Abin da Ƙasa Ta Ke Tunawa

In aka tara mutum goma waɗanda suka yi makarantar boko a Arewacin Nijeriya, wani daga Sakkwato, wani daga Bauci, wani daga Zariya, aka ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da mafarin ƙasar Hausa, lalle amsarsu za ta zo kusan ɗaya. Za su ce Bayajida ya fito daga Bagadaza ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura. Za su lissafa Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Mai ƙarfin harda a cikinsu zai ƙara da cewa Bagauda, jikan Bayajida, ya zama Sarkin Kano na farko a shekarar 999. Ba su gaji wannan daidaituwa daga kakanninsu ba, gama kakan Basakkwace da kakan Bazazzage ba labari ɗaya su ke bayarwa ba. A aji suka same ta. Abin da na ke so mu duba a wannan takarda shi ne hanyar da waɗannan 'yan jimloli suka biyo har suka zama abin da jama'a duka ta ke tunawa, da kuma abin da ya zube a kan hanyar.

Ra'ayina shi ne, ba safai littafin makaranta ya ke ƙaga ƙarya ba. Aikinsa ya fi haka laushi. Yakan ɗauki zance wanda ya ke da mai shi, wanda kuma mai shi ya faɗa da taka-tsantsan, ya cire sunan mai shi, ya cire taka-tsantsan ɗin, ya bar zancen tsirara. Harshen Hausa yana da kayan aiki masu yawa na nuna matsayin magana. Muna da "wai", muna da "an ce", da "a faɗar mutanen wuri kaza", da "ga alama". Malamin zaure yakan rufe bayaninsa da "Allahu a'alamu", mai tatsuniya kuma tun daga buɗe baki ya ke sanar da yara irin zancen da za su ji. Littafin aji kuwa murya ɗaya tak gare shi: ya zo, ya kashe, ya aura, ya haifa. Da wannan murya zai gaya wa yaro cewa Turawa sun ci Kano a 1903, abin da akwai takardu da shaidun ido a kansa, da ita kuma zai gaya masa an sare kan macijiya a Daura. Yaro ba shi da wata alama a cikin jimlar da zai rarrabe su da ita.

Mu ɗauki shekarar 999, domin ita ce ta fi sauƙin bin sawu.

Tushenta wani littafi ne na Larabci wanda a ke kira Tarihin Kano. Ba a san tabbacin wanda ya tsara shi ba. Ya kawo sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, kuma masana irin su Murray Last sun tafi a kan cewa a zamanin Bello ɗin nan aka haɗa shi yadda ya ke a yau, daga waƙoƙin fada da kirari da jerin sunayen sarakuna da suka girme shi. Abin lura shi ne, marubucin bai ce Bagauda ya hau a shekara kaza ba. Al'adarsa ita ce ya faɗi ayyukan sarki, sa'an nan ya rufe da yawan shekarun da ya yi a kan gado. H. R. Palmer, wani ma'aikacin mulkin Turawa wanda daga baya ya shugabanci Lardunan Arewa, shi ne ya fassara littafin da Ingilishi aka buga a 1908, shi ne kuma ya sa wa kowane sarki shekarar hawa da ta sauka.

Lissafin da ya yi ba mai wuya ba ne, ɗalibi ma yana iya maimaita shi a kan allo. A kama wata shekara da aka tabbatar, a riƙa ɗebe shekarun kowane sarki ana komawa baya. Sarkin Haɓe na ƙarshe, Alwali, shi ne na 43, an kuwa sa ƙarshen mulkinsa a 1222 ta Hijira, watau 1807. In aka tara shekarun sarakunan nan 43 za a sami 833. A ɗebe su daga 1222, saura 389 ta Hijira. To, da ya ke shekarar wata ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11, shekara 833 ta wata daidai ta ke da 808 ta rana. A ɗebe 808 daga 1807, sai ga 999. Don haka ne ma mai karatu zai ga an ba Bagauda shekara 66, amma an rubuta 999 zuwa 1063, wanda ya ke 64 ne kawai. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, bambancin shekarun biyu ne.

Ba na zargin Palmer a kan wannan lissafi, gama duk wanda aka ba wannan littafi abin da zai fara yi ke nan. Amma a dubi abin da lambar ta dogara a kansa. Sai ya zamana ba a manta da sarki ko ɗaya ba a cikin shekara 800. Sai ya zamana ba a taɓa yin sarakuna biyu a lokaci guda ba, kowa da ɓangarensa, aka zo daga baya aka jera su ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ya zamana kowane adadi 43 ɗin nan ya kuɓuta daga mantuwar maroƙa da tuntuɓen alƙalamin masu kwafa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya warware, 999 ta gusa.

Akwai hanyar gwada ƙarfin lissafin, ta hanyar neman shaida daga waje. Lissafin ya sa Muhammadu Rumfa a 1463 zuwa 1499. Mun kuwa sani daga littattafan Magrib da na Tumbutu cewa Shehu Magili ya zo ƙasashen Sudan a cikin shekarun 1490, ya sauka Kano, ya rubuta wa sarkinta wasiƙar nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Wannan ya yi daidai, kuma abin mamaki ne ƙwarai a ce jerin da aka riƙe shekara 300 ya faɗa a kan gurbinsa haka. Saboda haka daga Rumfa zuwa Alwali muna tafiya a kan tudu. Daga Rumfa zuwa baya ne ƙasa ta ke fara laushi.

Ga alama ɗaya da kowa zai iya gani da idonsa. Daga hawan Rumfa, wanda shi ne na 20, zuwa faɗuwar Alwali, sarakuna 24 ne a cikin shekara 344. In aka raba daidai, kowane ya sami 14 da 'yan watanni. Amma sarautu goma na farko, daga Bagauda zuwa hawan Yaji a 1349, sun cinye shekara 350, watau kowace 35. A cikinsu akwai mai 66, da mai 60, da mai 55. Ba a ce ba ya yiwuwa ba. Sarkin Musulmi Abubakar III ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Sai dai a sami irin wannan sau uku a cikin sarautu shida na farko, a zamanin yaƙi da annoba, abin a tsaya a duba ne. Masu nazarin jerin sarakuna a wurare da yawa na duniya sun lura cewa da zarar an yi nisa da zamanin rubutu, sunaye sukan ragu, shekaru su ƙaru, domin sunan babban sarki yakan haɗiye na ƙananan da ke kewaye da shi, har wani lokaci sunan mutum ɗaya ya tsaya a madadin gida guda ko zamani guda.

Alama ta biyu ta fi wannan nauyi, gama ta taɓa addini. Tarihin Kano ya ce a zamanin Yaji, watau 1349 zuwa 1385 bisa lissafin Palmer, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, shugabansu Abdurrahman Zaite. Haka yara suka haddace. Amma akwai wata takarda ta Wangarawan kansu, Asalul Wangariyyina, wadda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, Muhammad al-Hajj ya buga ta a 1968. Ita ta ce sun bar Mali a 835 ta Hijira, wajen 1431, kuma ta haɗa zuwansu Kano da zamanin Rumfa da Magili. Tsakanin faɗar biyun akwai kusan shekara 100. Ba nufina in yanke hukunci a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne, jimlar aji ta ɗauki ɗaya ta yi shiru da ɗaya, kuma yaron da ya rubuta ta biyun a takardar jarrabawa ba zai sami maki ba.

Yaya aka yi lambar da ta fito a wata mujallar masana a London ta iso bakin yaron Elementare? Ta biyo matakai, a kowane mataki kuma ana rage mata kaya. A 1930 S. J. Hogben, ma'aikacin ilmi, ya fitar da littafinsa na tarihin masarautun Musulunci na Nijeriya, wanda aka sabunta tare da A. H. M. Kirk-Greene a 1966. A 1932 da 1933 Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin R. M. East, ya buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, inda aka juya Tarihin Kano da waɗansu rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausar boko. Wannan aiki ne da ya cancanci godiya, domin ya sa tushen a hannun wanda bai yi Larabci ba. Amma malamin aji ba shi da lokacin karanta wa yara tushen. Yana da minti 40 da yara 50, a gabansu kuma ga jarrabawa. Sai ya taƙaita a littafin shirin darasinsa, ya rubuta taƙaitawar a kan allo, yara su kwafa. Mai shirya jarrabawa kuma yana bukatar tambayar da amsarta ɗaya ce, don a ji daɗin gyara. "A wace shekara Bagauda ya zama sarki?" tambaya ce mai kyau a wurinsa. "Yaya aka san shekarar?" ba ta gyaruwa da jan biro cikin sauri. Yaran nan su ne suka zama malamai, da 'yan jarida, da masu shirin rediyo, da marubutan sababbin littattafai, waɗanda galibi daga tsofaffin su ke kwafa.

Har wa yau lambar ta sami karɓuwa saboda ta biya wata bukata. Ɗalibin zamanin Turawa ya haddace cewa a 1066 Normawa suka ci Ingila. Jin cewa Kano tana da sarki shekara 67 kafin wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi, balle a lokacin da waɗansu manyan malaman Turai su ke cewa Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shige ta. Hugh Trevor-Roper na Oxford ya faɗi irin wannan magana har a 1963. Saboda haka bayan 1960, sa'ad da 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami, sun zubar da abubuwa da yawa na littattafan Turawa, kamar cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, amma 999 ba wanda ya ga dalilin taɓa ta. Abin takaici shi ne, ta rage wa Kano shekaru ne ma. Tarihin Kano da kansa ya buɗe da Barbushe da mutanen Dala kafin Bagauda, kuma gwajin da masu tona ƙasa suka yi ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7.

Wannan ya kai mu ga kakan Bagauda. Labarin Bayajida da a ke koyarwa faɗar fadar Daura ce: ɗan sarkin Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas ta haifi Biram, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijiya, ya auri Daurama, ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram suka zama Hausa Bakwai. Amma ba ita kaɗai ce faɗa ba. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya rubuta a 1812, ya kawo labarin cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne, ya kuma ware Gobirawa ya ce su 'ya'ya ne, asalinsu daga Kibɗawan Masar. Ya kuwa ambaci wanda ya ba shi labarin. Kowace faɗa da inda ta fito da abin da ta ke amfanar mai ita: ta Daura ta mai da Daura uwa, ta ba sarakunan Haɓe jinin sarautar gabas, ta Bello kuwa an rubuta ta ne sa'ad da ƙurar yaƙi da sarakunan nan ba ta kwanta ba. Masanin tarihi yana samun riba daga ajiye su gefe da gefe. Littafin aji ya ɗauki mai daɗin ji.

Amma babban aikin da ya yi a kan wannan labari yana cikin kalma biyu ne, watau kan babin da a kan sa masa, "Asalin Hausawa". Labarin da kansa bai ce haka ba. Sa'ad da baƙon ya iso Daura ya tarad da gari, da rijiya, da jerin sarauniyoyi da suka shuɗe, da maƙera a Gaya, da mutane masu harshen da shi bai iya ba; masu ba da labarin ma sukan fassara sunansa da "ba ya ji da". Watau labarin asalin gidajen sarauta ne, aka ɗora masa kan da ya mai da shi labarin asalin al'umma. Ilmin harshe kuma ya goyi bayan labarin a kan kan babin. Hausa tana cikin harsunan Cadi, 'yan'uwanta na kusa su ne irin su Bolanci da Karekare da Angas da Bade, duk a nan kewaye da mu su ke, ba a Iraƙi ba. Wannan kan babi ya dace da wani ra'ayi da ya cika littattafan Turawa na farkon ƙarni na 20, cewa duk inda aka ga sarauta mai tsari a Afirka, to wani farin baƙo ne daga arewa ko gabas ya kawo ta. Abdullahi Smith ya rushe wannan ra'ayi game da ƙasar Hausa a wata maƙala ta 1970, inda ya nuna yadda sarauta za ta iya tasowa daga cikin gida, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni mai ganuwa. Fiye da shekara 50 ke nan. A jami'a maganarsa ta zama abin da a ke farawa da shi. A bakin jama'a kuwa Bagadaza tana nan daram.

Sai kuma kalmar "banza". A nan ne abin ya wuce Hausawa ya shafi ƙasa. Jerin da aka saba shi ne Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nupe, Yarabawa da Kwararrafa, waɗanda aka ce zuriyar ƙwarƙwara ce. Jerin ma bai tsaya wuri ɗaya ba, gama waɗansu littattafai sukan sa Ilori a gurbin Yarabawa, alhali masarautar Ilori ba ta kafu ba sai a ƙarni na 19. Zamfara da Kabi kuwa Hausa su ke yi kamar kowa, Nupe da Gwari da Yarbanci kuma ba su haɗa dangi da Hausa ba sam. Abin da jerin ya ke nunawa shi ne yadda fadojin tsakiya su ke kallon maƙwabtansu a wani zamani. Wannan abin sani ne mai amfani in an faɗe shi da sunan masu shi. Amma in aka rubuta shi a kan allo ba tare da "a faɗar Daura" ba, a ajin da ɗan Bida da ɗan Wukari su ke zaune a benci ɗaya da ɗan Katsina, to makaranta ce da bakinta ta ke gaya wa yara biyu matsayinsu a wurin na ukun.

Wani zai ce yaron shekara goma ba ya ɗaukar saɓanin malamai, kuma jama'a tana bukatar labari guda da za ta taru a kansa. Na yarda da rabin farko. Ba a nemi a karanta wa ɗan aji huɗu Asalul Wangariyyina ba. Amma tsakanin "Bagauda ya zama sarki a 999" da "in an lissafa shekarun sarakunan da Tarihin Kano ya kawo, Bagauda zai faɗo wajen shekarar 1000" bambancin kalma goma ne, yaron da ya saba jin "wai" a bakin uwarsa kuwa ba zai rikice da su ba. Rabi na biyu ne na ke shakka, domin labarin da aka taru a kansa ba ya zama a aji. Sa'ad da gwamnatin Jihar Kano ta raba masarautar gida biyar a 2019, aka kuma soke dokar a 2024, tarihi na cikin abin da aka yi ta kafa hujja da shi. Masu ƙin rabawa suna cewa masarauta ce mai shekara dubu, masu so kuma suna da abin nunawa, tun da Rano, ɗaya daga cikin sababbin masarautun, tana cikin Hausa Bakwai kafaɗa da kafaɗa da Kano. Hujjojin nan biyu daga shafi ɗaya na littafin aji suka fito.

Iyakar ƙasa ma tana yanka labarin. Littafin Nijeriya yakan rufe babin sarakunan Haɓe da jihadin 1804, ya buɗe sabon babi, yaro ya ɗauka sun ƙare ke nan. Ba su ƙare ba. Gidan Zazzau ya koma kudu ya kafa Abuja ta farko, wadda a ke kira Suleja tun bayan da aka ba sabon babban birni sunan. Gidan Daura ya zauna a Zango da Ɓaure har Turawa suka mai da shi Daura a 1906. Gidan Katsina ya kafu a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, suka yi ta yaƙi da Sakkwato tsawon ƙarni na 19. Biyun ƙarshen nan sun faɗa cikin ƙasar Nijar sa'ad da Ingilishi da Faransa suka ja iyaka, saboda haka taswirar da ke bangon ajin Katsina ta ƙare kafin ta kai Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba.